Ƙurajen takwarata

Ƙawalli,

Assalamu alaikum. Wato da takwarata ba ta yi ƙuraje ba, da har yanzu ban ji ɗuriyarki ba ko? To na yafe, amma saboda ita. Ya Fatakwal, ya maigidan?

Kin ce wuyanta da ƙirji sun feso da ƙanana kamar gero, kina ta labta mata basilin suna ƙaruwa. Don Allah ki dakata da man nan. Wuya, ƙirji, baya, hammata, a garinku da zufa ba ta bushewa, ƙurajen zafi ne. Ƙofofin zufa ne suka toshe, mai kuwa ƙara toshe su yake. Ki rage mata kaya, riga ɗaya ta auduga ta isa, ki cire hular ulun da na san Hajiya ta hana a taɓa. Ki yi mata wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ta sha iska. Cikin kwana biyu zuwa uku sukan kwanta.

Kullum ki fara duba inda abin ya fito. Na famfas yana tsayawa inda famfas ya rufe, mazaunai da saman cinya, fata ta yi ja kamar ta saɓule, amma cikin matsematsi lafiya lau. Nan basilin ko man zinki ke aiki: ki canja da zarar ta ɓata, ki wanke da ruwan ɗumi, ki dinga dannawa da tawul ba gogewa ba, ki bar ta tsirara ta ɗan jima. Banda hoda. In ja ya shiga har cikin matsematsi da 'yan ɗigo a gefe, ko ya wuce kwana uku, mai yiwuwa ƙwayar fangas ce ta hau, sai man da za a rubuta miki a asibiti.

Af, Yaya ta haihu, namiji! Suna Asabar, kuma an fitar da anko, kar ki ce ban faɗa ba.

Egzima ce ta fi damuna, tunda babanta na da asma, abin yakan bi gida. Ita kumatu take kamawa da bayan hannu da ƙafa, ba ta cika shiga wurin famfas ba. Fata ta bushe ta yi kaushi, a baƙar fata irin tamu ta yi duhu ko toka-toka, yarinya ta yi ta goga fuska a kafaɗarki saboda ƙaiƙayi. Ta lafa ta dawo, musamman da hunturu. In kin ga haka, wanka kar ya wuce minti 10, banda sabulu mai ƙamshi, ki shafa mai marar turare tun jiki da danshi, aƙalla sau biyu a rana, ki yanke mata farce.

Kar ki yarda a ba ki man nan mai haɗi uku a kemis, ƙarfinsa na sirantar da fatar jariri. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya, ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙin nono, asibiti a ranar.

Ki turo min hoton kumatun da hasken rana, da awon rigarki saboda tela.

Taki har kullum,
uwar takwara