Ɗana, kada ka taɓa keken nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Ƙanwarka ta faɗa mini wata magana da ta hana ni barci kwana biyu. Wai kana neman mai sayen keken ɗinkinka na biyu, saboda kasuwa ta yi sanyi. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Ka san abin da ya same mu shekarar da kake aji huɗu, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ka sani ba shi ne ba rashin ciniki ne ya kayar da ni ba. Jari na ci, kaɗan-kaɗan, kullum ina cewa zan mayar idan kasuwa ta buɗe. Da ta buɗe, ba ni da abin da zan tare ta da shi. Wannan nake ji maka tsoro, fiye da yunwa, fiye da bashi. Keken da ka sayar yau da araha, a lokacin da kowa ke neman kuɗi, shi za ka nema da tsada ranar da aiki ya yi maka yawa.

Kana alfahari da sana'a uku: ɗinki, darasin da kake yi wa 'yan makaranta, da kajin nama. To, ka duba watannin da kowacce ke kawo kuɗi. Ɗinkinka yana tashi lokacin bukukuwa, kajin ma ka saita su su isa sayarwa a daidai lokacin, sai su kwanta tare. Darasi kuma yana tsayawa da an yi hutu. Idan hutun ya faɗo bayan bukukuwa, duka ukun sun mutu a wata guda. Ashe sana'a ɗaya gare ka mai suna uku.

Ɗauko takarda mu yi lissafi. A ce gidanka yana cin 100 a wata. Wata huɗu na ciniki kana samun ribar 180, wata biyar kana samun 100, wata uku na sanyin kasuwa 40 kawai. Ribar shekara ta kama 1,340, buƙatar gida 1,200. Ka ga ba talauci ke damunka ba, har rarar 140 kake da ita. Giɓin wata ukun nan 60 ne sau uku, wato 180. Da ka cire 45 a kowane watan ciniki ka ajiye inda hannunka ba ya saurin kaiwa, da ka rufe shi, kuma 35 ta rage maka kowane watan ciniki ta ƙara jari. Amma kai da 180 ta shigo sai ka ɗauka matsayinka ke nan. Na ga wayar da ka sauya, na ji kuma mutum nawa ka ɗinka wa kaya bashi don kada a ce ka yi rowa. Cikinsu wa ya leƙo ka yanzu?

Kun sha cewa ina da maƙo, don ina yanka wa gida kuɗi iri ɗaya ko an samu ko ba a samu ba. Maƙon nan ne ya sa ba a sake koro ku daga makaranta ba.

Batun kajin kuma, ka lura kajin nama suna cin kuɗinka mako shida zuwa takwas kafin su dawo da ko kaɗan, abinci kuwa shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗawainiyarsu. Saboda haka kada ka zuba su cikin watan sanyi da aljihu wayam. Ka zuba a watan ciniki na ƙarshe, ka sayi abincinsu gaba ɗaya tun kuɗin ɗinki na hannu, su isa sayarwa a tsakiyar sanyin. Farashi ba zai kai na bukukuwa ba, don haka ka shirya da masu dafa abincin sayarwa tun kafin ka zuba, su ke saye duk shekara. Ko ka raba, ka sa masu ƙwai. Sai sun yi kamar wata biyar kafin su fara, amma daga nan kullum da abin da zai shigo.

Kowace sana'a da jakarta da littafinta. Ranar da ka ga kana sayen zare da kuɗin abincin kaji, ko sarin wannan karon bai kai na baya ba alhali ba ka yi asara ba, ka fara cin jari ke nan.

Na yi zafi, na sani. Kai mai ƙoƙari ne, ban taɓa shakka ba, kuma ni ban sami wanda zai rubuto mini irin wannan ba. Na ba ƙanwarka abin da zai riƙe ku wata guda. Rance ne, za ka biya idan ɗinki ya tashi. Ka rubuto mini watanni goma sha biyun nan da abin da kowace sana'a ta kawo, mu duba tare. Keken kuma ya zauna inda yake.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka