Hajiya, biyan dillaliya bai sauke miki haƙƙin 'yar aiki ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun daren Talata raina yake a ɓace da shirin nan naku da kuka yi a kan 'yan aikin gida, musamman Hajiyar nan da ta bugo waya tana cewa wai ita duk ƙarshen wata tana miƙa wa matar da ta kawo mata yarinya kuɗi cif, dan haka ita ba ta da sauran nauyi a wuyanta, kuma mai gabatarwa ya ce mata madalla Hajiya, ya wuce zuwa kira na gaba. Madalla da me? Ko tambaya ɗaya bai yi mata ba, ko ya ce toh Hajiya kin taɓa jin muryar uwar yarinyar nan kuwa?

Ni a Unguwar Rogo nake, kuma abin da zan faɗa a gidan da muke haɗa katanga ya faru, da idona na gani. An kawo musu yarinya daga wani ƙauye ta wajen Toro, ba za ta wuce shekara 11 ba lokacin, aka yi ciniki da dillaliya a kan dubu 8 duk wata. Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce goyo, ita ce ɗiban ruwa in famfo ya ɗauke, kuma kowa ya san sanyin Jos a watan Disamba, ƙarfe biyar na asuba zan ji ƙarar kwanuka ta bayan katanga, in ta shigo gidana aro sai in ga hannuwanta sun yi fari fat, dugaduganta duk faso har da jini, rigar sanyi ɗaya ce da ita wadda hannun ya tsaya mata a gwiwar hannu. A kicin take kwana kan tabarma, alhali akwai katifa a ɗakin yaran gidan.

Shekara biyu ta yi. Da ubanta ya zo tafiya da ita saboda an sa ranar yayarta kuma ana son kuɗin a haɗa a yi kayan ɗaki, sai aka zauna lissafi a zaure, maigidana yana wurin. Wata 24 sau dubu 8, dubu 192 ke nan. Dillaliya ta riga ta cinye watan farko gaba ɗaya wai la'adarta, saura dubu 184. Matar gidan kuma ta ce ta cire dubu 6 na fulas ɗin da yarinyar ta fasa, dubu 4 na magani lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, da dubu 14 na ɗinkin sallah, saboda haka dubu 160 ta ba dillaliya. Malam Edita ka san nawa ya isa hannun iyayen? Dubu 55 da turmin atamfa ɗaya. Dubu 105 sun bi iska. Aka kira dillaliya ta ce kuɗin mota fa, da wahalar da take sha, daga baya ma ta kashe waya. Dattijon nan ya daɗe yana juya hularsa a hannu, can ya ce Allah ya isa, ya ja 'yarsa suka tafi tasha. Matar gidan kuwa har yau cewa take yi ai ita ta biya.

Toh ba ki biya ba Hajiya, tunda mai haƙƙin bai karɓa ba. A gidanki ta yi gumin, 'ya'yanki ta goya, ke za a tambaya. Kuma wannan cire-ciren da ake yi zalunci ne tsantsa, yarinyar da ta kwanta ciwo a gidanki tana yi miki aiki maganinta a kanki yake, suturarta a kanki take, fulas kuwa ko ɗan cikinki yana fasawa, kin taɓa cire masa a kuɗin makaranta? Hadisin Abu Zarri yana nan a Bukhari, Annabi (SAW) ya ce 'yan uwanku ne da Allah ya sa a ƙarƙashinku, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Malamin da kuka gayyato ya karanto shi amma ya tsaya a kan abinci kawai, maganar kuɗi ko taɓa ta bai yi ba.

Abin ma ba wuya in ana so a gyara. Ranar da aka kawo miki yarinya ki ce sai kin yi magana da uwarta ko ubanta, ai yanzu babu ƙauyen da za a rasa mai waya, ki faɗa musu adadin da bakinki yarinyar tana ji. La'adar dillaliya ki biya ta daga aljihunki sau ɗaya ku rabu, kar ta taɓa albashin. Ki sayi ɗan littafi ki rinƙa rubutawa duk wata, in kin tura ki kira ki ji ya isa, in kuma iyayen sun ce ki tara musu sai ki sa shaida ko mai unguwa ne ko limamin masallacinku. Haka nake yi da wadda take wurina, kuma da yamma tare suke tafiya Islamiyya da 'ya'yana, da safe tana firamare.

In kina son gane ana cin kuɗin, tambayi yarinyar nawa ake biyanki. In ta ce ban sani ba, akwai matsala. In dillaliya ta hana ki lambar iyaye tana ta kwana-kwana, akwai matsala. Sannan ku lura da masu zuwa bayan wata uku ko huɗu su ce wai uwarta ba lafiya za su kai ta gida, sai ki hango ta a wani gida a Rikkos, ba komai ya sa suke haka ba sai dan su sake cin watan farko a sabon gida.

Wani abin da ya ba ni haushi, awa guda kuna magana ba wanda ya ce ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne a dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, har ɗauri ake yi. Ga dokar kare haƙƙin yara ta 2003, ga dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatu har aji uku na ƙaramar sakandare. Yarinyar maƙwabtan nan tawa ko ƙofar aji ba ta taka ba a shekara biyun. Dan Allah ku sake shirin, ku kawo lauya, ku kawo uwar 'yar aiki daga ƙauye mu ji ta bakinta, ba hajiyoyi kaɗai ba.

Sai kuma tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri, haba jama'a, muna zaune da yara ana cin tuwo sai a fara zayyano maganar da ko ni sai na sunkuyar da kai, dole in rage murya, kafin in ƙaro an wuce rabin bayanin malam. Ku mayar da shi bayan ƙarfe goma na dare mana.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Unguwar Rogo, Jos