Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ƙwadago: Doka Tana Kare Mai Jego Tana Gida, Amma Ba Ta Tsare Mata Kujerarta

Mai Girma Minista,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Zariya a kan sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Ƙasa, wanda ya tanadi hutun haihuwa ga ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar. Na shafe shekaru ina riƙe da fayilolin ma'aikata a wurare masu zaman kansu kafin in ajiye aiki, saboda haka na san yadda ake karanta wannan sashe a ofisoshin masu ɗaukar aiki, na kuma san inda suke bi su wuce ba tare da sun taka shi ba. Kai nake rubuta wa, ba gwamnatin jiha ba, domin kundin tsarin mulki ya sanya sha'anin ƙwadago cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma daga ma'aikatarka gyaran ya kamata ya taso.

Abin da sashen ya ba mace sananne ne. Idan ta kawo takardar likita da ke nuna cewa ana sa ran za ta haihu cikin mako shida, tana da damar barin aiki. Bayan haihuwa kuma an hana a sa ta aiki har tsawon mako shida, wato kwana 42, kwana biyu kacal a kan arba'in ɗin da mai jego take yi a al'adarmu. Idan ta yi wata shida a jere tana aiki a wurin kafin ta tafi, za a biya ta aƙalla rabin albashinta, sannan idan ta dawo tana shayarwa a ba ta rabin sa'a sau biyu a rana. A kan sallama kuwa, ƙaramin sashe na 4 ya ce mai ɗaukar aiki ba zai ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu ba, ba kuma zai ba ta takardar da wa'adinta zai cika tana cikin hutun ba, kuma wannan kariya tana bin ta idan rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ta jawo ya tsawaita zamanta a gida, matuƙar likita ya tabbatar.

Matsalar tana cikin kalmomin nan ne na "tana cikin hutu". Kariyar tana farawa ranar da ta bar ofis, tana ƙarewa ranar da ta dawo. Sashen bai ce komai ba a kan watannin da take ɗauke da ciki tana zuwa aiki, bai ce komai ba a kan makonnin farko bayan dawowarta, kuma babu inda ya ce dole a mayar da ita kan kujerar da ta bari ko wadda ta yi daidai da ita.

Bari in nuna maka yadda hakan yake kasancewa da abin da ya faru da 'yar yayata, wadda ta yi shekara biyu da wata takwas tana aikin kashiya a wani wurin kasuwanci a nan Zariya. Albashinta naira dubu 70 ne, da alawus na riƙe kuɗi naira dubu 20, jimilla dubu 90 a wata. Ta kai takardar likita, aka amince mata da mako goma sha biyu, aka riƙa tura mata rabin albashi ba tare da gardama ba, har manajan ya aiko da turmin atamfa ranar suna. Da wa'adi ya cika ta shirya da sassafe, ta bar jaririyar wurin mahaifiyarta da nonon da ta tatsa, ta isa ta tarar da wani matashi zaune a kujerarta, makullin durowar kuɗi a hannunsa. Aka ce mata an yi sauye-sauye, ta koma sito ta riƙa ƙirga kaya. Ƙarshen wata ta ga dubu 70, domin alawus ɗin na mai riƙe kuɗi ne, ita kuwa yanzu ba ta riƙe ko sisi. Aikin sito kuma sai an rufe kanti ake kammala shi, don haka ta fara neman izinin tashi da wuri saboda shayarwa, aka ba ta takardar tuhuma har sau biyu. Mako shida da dawowarta aka miƙa mata takardar sallama da naira dubu 35.

Wannan dubu 35 ba kyauta ba ce, lissafin doka ne. Sashe na 11 na dokar ya ce wanda ya yi aiki daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sanarwar mako biyu ake ba shi, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Takardar ba ta ambaci ciki ko goyo ba, cewa kawai ta yi ba a buƙatar aikinta. Da ta kawo mini takardun na shimfiɗa su a kan tabarma ina neman inda aka karya sashe na 54, na juya na sake juyawa ban samu ba. Ba a sallame ta tana hutu ba, an biya ta rabin albashi, an ba ta kuɗin sanarwa. Wanda ya tsara abin ya san dokar sarai, kuma in faɗi gaskiya, na taɓa zama a ɗakin da aka tsara irinsa ban ce uffan ba.

Ana gane irin wannan sallama tun kafin takarda ta fito. Alama ta farko ita ce wanda aka kawo ya riƙe wurin, ba a rubuta masa cewa riƙon ƙwarya yake yi zuwa rana kaza ba, an ɗauke shi ne kai tsaye a matsayin ma'aikacin dindindin. Ta biyu ita ce matar da ta yi shekaru fayil ɗinta babu tabo, sai takardun tuhuma su fara taruwa cikin 'yan makonni bayan dawowarta. Galibi ma ba a kai ga sallama, domin idan aka canza mata lokacin aiki zuwa wanda mai goyo ba za ta iya ba, aka rage mata abin da take kaiwa gida, da kanta za ta rubuta takardar ajiye aiki, mai wurin kuma ya ce ita ta ga dama ta tafi.

Na san lauyoyin ma'aikatarka za su ce ƙofar kotu a buɗe take, kuma gaskiya ne. Tun bayan gyaran kundin tsarin mulki na uku na shekarar 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraren ƙararrakin nuna bambanci da rashin adalci a wurin aiki, tare da duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma kotun ta taɓa ba matar da aka sallama saboda ciki gaskiya har ta sa aka biya ta diyya. Sai dai mu dubi wadda ake magana a kanta. Mace ce mai jaririyar wata uku, albashinta ya tsaya, za ta nemi lauya, ta riƙa zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna inda kotun take zama, sannan ita ce za ta gamsar da alƙali cewa haihuwa ce ainihin dalilin sallamarta, alhali duk takardun da za su nuna hakan suna cikin durowar wanda ta kai ƙara. 'Yar yayata ta yi wannan lissafi ta haƙura, dangi kuma suka ce ta bar wa Allah.

Akwai kuma waɗanda sashen bai ma kai gare su ba. Sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da shugabanci da masu aikin ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, saboda haka akanta ko likita ko lauya da ke aiki a wuri mai zaman kansa, abin da takardar ɗaukarta aiki ta ce shi ne madogararta. Zariya gari ne na makarantu da asibitoci masu zaman kansu, kuma na sha ganin mai makaranta ya ce wa malama ita ƙwararriya ce, dokar ba da ita take ba. Ma'aikatan gwamnatin Jihar Kaduna sun samu hutun haihuwa na wata shida tun 2019, kuma gurbin ma'aikaciyar gwamnati yana nan yana jiranta. Maƙwabciyarta da ke koyarwa a makarantar kuɗi a layi ɗaya ba ta da tabbacin za ta tarar da ajinta idan ta dawo.

Maganin ba sabo ba ne, an riga an rubuta shi. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun aƙalla mako goma sha huɗu, amma abin da ya fi damuna shi ne sashenta na 8. Ya haramta sallamar mace tana da ciki, ko tana hutu, ko cikin wani lokaci bayan dawowarta wanda kowace ƙasa za ta ƙayyade, sai dai in dalilin bai shafi ciki ko haihuwa ko shayarwa ba, kuma wanda ya ɗauke ta aikin ne zai kawo hujjar hakan. Ya kuma ba ta haƙƙin komawa kujerarta ko wata makamanciyarta a kan albashi iri ɗaya. Najeriya ba ta rattaba hannu ta amince da wannan yarjejeniya ba. Da waɗannan layuka suna cikin sashe na 54, da manajan nan ne zai yi bayanin abin da ya sa kashiyar da ba ta taɓa yin giɓi ba ta koma ƙirga katan.

Ba na raina uzurin masu ƙananan sana'o'i. Mai kanti da ke da ma'aikata biyar ba zai bar wurin karɓar kuɗi babu kowa wata uku ba, kuma a tsarinmu na yanzu shi kaɗai ke ɗauke da rabin albashin mai hutu, ga kuma albashin wanda ya riƙe mata. Wannan nauyi shi ke sa wasu ƙin ɗaukar matan aure tun farko, kuma ya dace a duba yadda asusun inshorar ma'aikata zai ɗauki wani kaso. Amma tsare kujera ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne a ɗauki mai riƙon ƙwarya da takarda mai ranar farawa da ranar ƙarewa, ya san tun farko cewa mai kujerar za ta dawo.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne ma'aikatarka ta gabatar wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa gyaran sashe na 54, yadda kariyar za ta fara daga ranar da mace ta sanar da cikinta a rubuce, ta ci gaba zuwa wasu watanni bayan dawowarta, ni a ganina kada su gaza shida. A rubuta ƙarara cewa za ta koma kujerarta ko wadda ta yi daidai da ita, a kuma bayyana cewa albashi a nan ya haɗa da alawus, domin ta nan aka fi yanka. A ɗora nauyin kawo hujja a kan mai ɗaukar aiki, a kuma faɗaɗa sashen ya shafi kowace ma'aikaciya ko da wane irin aiki take yi. Kafin majalisa ta kammala nata, jami'an ƙwadago da ke duba wuraren aiki za su iya ƙara tambaya ɗaya a takardar bincikensu: mata nawa ne suka tafi hutun haihuwa a nan cikin shekara biyu da suka wuce, kuma wane aiki kowace take yi a yau.

Allah ya taimaki Minista. Wassalam.

Tsohuwar jami'ar kula da ma'aikata,
Zariya, Jihar Kaduna