Amsa ga Alhaji, kan kwana ukun da aka ce na cinye

"Na biya ka naira 360,000 kuɗin tallar turarena ta kwana 30 a Facebook, ta mutu a kwana na 27. Ka fito ka faɗa wa jama'a aljihun da kuɗin kwana uku suka shiga. Kuma ko waya ba ka ɗauka."

Ranka ya daɗe, Alhaji, tunda a bainar jama'a ka ga ya dace mu yi lissafi, bismillah. Zancen waya mu bar shi, kowa ya san yadda sabis yake a cikin kasuwar Wuse. Kalmar aljihu ce ta hana ni barci, don shekara shida ina wannan sana'a a Abuja ba a taɓa jifa na da ita ba.

Asusun tallarka da dala ake cajinsa, dala 10 kullum har da harajin kashi 7.5. Ranar da muka yi ciniki, a farkon 2024, katin da nake biya da shi yana sayar da dala a kan 1,200, wato kuɗinka dala 300 ke nan cif. Na roƙe ka ka ba ni duka in canza a ranar, ka ce sai ka ga kamun ludayina. Rabin farko ya sayi dala 150, ya yi kwana 15. Kafin ka turo cikon, dala ta kai 1,500, naira 180,000 ɗin nan ta koma dala 120. Kwana 12 ke nan. Ka aiki yaron shagonka Zone 4 ya tambayi 'yan canji, ba su manta lokacin ba.

Abin da ba ka faɗa wa jama'a ba shi ne saƙon da na tura maka tun a lokacin. Ribarka a kowace kwalba 6,000 ce, talla kuma tana cin dala 4 kafin ta kawo mai saye ɗaya. A canjin 1,200 naira 4,800 ke nan, kana tsira da 1,200. A 1,500 kuwa ribar gaba ɗaya ta tafi. Allon talla bai nuna wata matsala ba, dala 4 ce jiya, dala 4 ce yau, shi ya sa nake raba ribar kwalba da dalar da mai saye ke ci, in san canjin da in an kai shi aikin banza ake yi. Na ce ko ka ƙara farashi ko mu dakata, ka ce kwastomomi za su gudu.

Haka kuke mana. Dala ta tashi ku ƙara wa kayan shago kuɗi kafin azahar, amma mai talla ya cike giɓi daga jikinsa. Na kuma lura tambayar ta fito ne a makon da ɗan ƙanenka ya fara karɓar aikin talla. Allah ya ba shi sa'a. Rasit ɗin katin guda biyu suna nan, in ka yarda in wallafa su gobe.