Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin ya zauna cinikin riɗi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Mahaifiyarka ta ce mini ranar Asabar za ka je ƙauye sayen riɗi, kai kaɗai a karo na farko. Na san ka da saurin baki, shi ya sa na zauna na rubuto maka abin da ya taɓa faruwa da ni.

Wata kaka na je wani ƙauye a ƙasar Haɗeja wajen wani dattijo mai buhu 40. Ya ce buhu naira 32,000. Na taya 29,000, ya ce albarka. Na jawo masa farashin Dawanau, na lissafa kuɗin mota da na dako, shi dai albarka. Tazarar da ke tsakaninmu a kan kayan duka ta kai naira 120,000, kuma duk hujjar da na kawo sai ta ƙara masa taurin kai.

Da na ga haka sai na daina kare farashina. Na ce masa: "Baba, yaya kake so mu yi cinikin nan har hankalinka ya kwanta?" Na ja bakina na yi gum.

Ka lura da ginin tambayar. Da na ce "Za ka rage?", amsa ɗaya ce, a'a, magana ta mutu. Da na ce "Don me ka tsauwala?", zai ji zargi ne, ya hau kare kansa. Amma tambayar da ta fara da "yaya" ko "mene ne" ba a amsa ta da kalma ɗaya, kuma tana miƙa wa mutum girman cewa shi zai nemo mafita. Ka tanadi biyu ko uku tun daga gida, irin su "Mene ne ya fi damunka a cinikin bara?" ko, idan ya tsaya a kan abin da ba za ka iya ba, "To ni yaya zan yi in biya haka in kuma fita?" Wannan ta ƙarshe ƙi ce, amma ba ta rufe ƙofa.

Shirun shi ne mai wuya. Ni a zuciyata nake yin salati sau uku, a hankali, kafin in yarda in sake magana. Ran nan dattijon ya ɗebi riɗi a tafinsa yana murzawa, yana kallon ƙasa, har na fara jin kamar in ƙara ɗari biyar don kawai a ce wani abu. Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke faɗuwa: su taya, su ji shiru, su ƙara wa kansu kuɗi ba wanda ya nema.

Can sai ya ce: "Bara ma haka aka zo." Ban ce komai ba illa na maimaita, "Haka aka zo?" Sai ga zancen ya ɓalle. Wani mai saye ya kwashe masa kaya, ya riƙa biyansa tsilla-tsilla har wata biyu, lokacin shukar alkama ya wuce bai sayi taki ba, bai gyara injin ban-ruwa ba. Ashe dubu ukun nan ba kuɗin riɗi ba ce, kuɗin tsoron jinkiri ce. Muka daidaita a kan 30,000: rabi kuɗi hannu a zauren, sauran cikin kwana uku, kuɗin mota a wuyana. Na cika masa a rana ta biyu.

Yadda za ka gane ka taɓo ainihin buƙatar shi ne mutum ya bar zancen lamba ya koma zancen rana, ko wani mutum, ko abin da ya taɓa samunsa. In har yanzu farashi kawai yake nanatawa bayan tambaya biyu, wataƙila kuɗin ne da gaske. Ka duba aljihunka, ko ka saya ko ku rabu lafiya.

Abu biyu ke ɓata wannan dabara. Kada ka jero tambayoyi kamar mai tuhuma. Ɗaya, ka saurara, sannan ta gaba ta fito daga amsarsa. Kuma shiru a gaban babba yana da ladabinsa: ka sunkuyar da kai, ka riƙa cewa "haka ne", kada ka ƙura masa ido ya ɗauka raini ne. In kuma ya buɗe maka cikinsa ka ga yana cikin matsi, ban yarda ka danne masa farashi da wannan ba.

Ka tafi da tsabar kuɗin rabin kaya, ka buɗe buhu uku ko huɗu ka duba tsakuwa da danshi kafin a ɗora. In ka sauka ka kira ni.

Mahaifinka