Ƙawalli, fanke ya so ya kunyata ni

Salam ƙawalli,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu, tun da kika koma Fatakwal ko filashin babu. Ya yara, ya oga? Wai da gaske babbar sallah za ki zo?

Ni dai labari ne yake cina. Ranar Asabar aka yi suna a gidan Yaya a Gyaɗi-gyaɗi, Umma ta ce ni ce mai fanke, kin san yadda nake cika baki. Na kwaɓa fulawa gwangwani 12 da yis cokali 2, suga gwangwani 2, ɗan gishiri da ruwan ɗumi, na rufe na sa a rana, da yake sanyi ake sai da ya fi awa kafin ya tashi. Kwaɓi kam ya yi.

Wuta ce ta kayar da ni. A murhu muka yi, yara suka danna itace mai ya fara hayaƙi, ni kuma ina sauri na zuba, nan da nan ya yi jawur kamar a talla, na fasa ɗaya sai ga cikin danƙo ɗanye shataf. Bayansa ya riga ya ƙame tun zafi bai kai tsakiya ba, shi ya sa ma bai kumbura sosai ba. Na janye itacen gaba ɗaya na kuma cika kaskon taf, man ya huce, wannan karon suka kwanta suna shan mai, ki matsa ɗaya sai ya tsiyayo miki har gwiwar hannu. Kar ki yi min dariya, ke da ƙosanki ya taɓa komawa kunu.

Gwaggo ce ta cece ni. Ta yago ɗan kwaɓi ta jefa, ta ce in ya nutse ya taso cikin 'yan daƙiƙu yana ƙananan kumfa to mai ya yi, in ya zauna a ƙasa da saura, in ko bai nutse ba ya hau yin duhu a rage wuta. Masu awo suna cewa digiri 170 zuwa 180. Ta ƙara mai ya yi zurfi yadda fanken zai yi iyo, har wasu suna juya kansu, kowanne kamar girman ƙwai, guda 8 kawai a kasko, wajen minti 4 ana juyawa da matsami. Tana kwashewa sai ta ɗan jira man ya dawo kafin ta sake zubawa. Ciki ya fito sakayau da ƙofofi.

Af, amaryar nan ta zo da leshin nan dai, kin gane. Fanken farkon kuwa na tura su ƙasan kula, Anti ta ɗiba ta tafi da su gida, har yau ba mu gaisa ba.

Ki kira ni don Allah, kati ba zai talauta ki ba.

Taki har kullum