Tarar Makara Ta Kusa Cinye Mini Injin Surfani, Ina Neman Shawara

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni tela ne a cikin birnin Zariya, shagona yana wajen Ƙofar Doka, aikin wuya da surfanin manyan riguna nake yi tun ina saurayi. Ina roƙon a sakaya sunana, domin maganar ta shafi kawuna da ya tsaya mini, kuma har yau bai san zurfin da ta yi ba.

A ƙarshen bara na karɓi injin surfani a hannun wani kamfani da ke ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan. An yi mini kuɗinsa naira 600,000. Na ba da kafin alƙalami 120,000, saura 480,000 aka raba mini wata takwas, duk ranar 5 ga wata in kai 60,000. Takardar yarjejeniyar da Turanci take, wani yaron kamfanin ya karanta mini a tsaye, ya ce idan mutum ya makara akwai tarar kashi 1 cikin 100 a kowace rana a kan abin da ake bin sa, amma ana ɗaga ƙafa na kwana uku. Da na ji kashi ɗaya, wallahi Malam ban ɗauke shi komai ba. Na sa hannu, kawuna ya sa.

Wata biyar ina biya a kan kari, wani lokacin ma tun kafin ranar. A ƙarshen Afrilu ciwon mahaifiyata ya tashi, aka kwantar da ita a asibitin Shika, ni ne mai kai da kawo. Shago ya zauna a rufe, ɗinkunan mutane na mayar da wasu, abin da na tara ya tafi a magani da gwaje-gwaje. Ranar 5 ga Mayu ta zo ta wuce ba ni da kuɗin wata na shida.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ɗaga ƙafar nan. Na zaci kwana ukun kyauta ne, sai a rana ta huɗu za a fara ƙirge. Ashe idan ka biya a cikin kwana ukun ne kawai ake yafe maka. Da zarar ka haura, sai a koma a ƙirgo tun daga ranar farko. Kuma ba ruwan ƙirgen da Juma'a ko Lahadi. Ko ranar 12 ga Yuni da gwamnati ta ba da hutu, ofishinsu ma a kulle yake, sai da aka ɗora mini tarar ranar.

Kashi ɗaya na 60,000 shi ne naira 600. Kuɗin da bai wuce na abincin rana ba. Amma a mako ɗaya ya zama 4,200, a mako biyu 8,400, a mako uku 12,600. Ina zaune a bencin asibiti ina jiran a kira mu, kuɗin nan yana ta hawa ba tare da na ci ko na sha ba.

Ranar 26 ga Mayu, wato kwana 21 da makara, na samu 30,000 daga wani abokina na garzaya ofishinsu. A zuciyata na biya rabi ke nan, saura 30,000, tara za ta sauko zuwa 300 a rana. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta rubuta mini rasit, adadin da na kawo kawai ta sa. Ina naɗe takardar zan sa a aljihu sai ta ce, "Baba, ka san fa tara ake fara cirewa." Na ce to, ban tsaya na tambayi ma'anarta ba, hankalina yana kan mara lafiya. Sai daga baya na gane cewa idan aka cire 12,600 daga cikin 30,000, abin da ya taɓa uwar kuɗin 17,400 ne kacal. Saura 42,600 ke nan, tarar kullum kuma 426, ba 300 ba.

Ina cikin wannan sai 5 ga Yuni ta riske ni, kuɗin wata na bakwai ya faɗo, shi ma ba ni da shi. Nan ne abin ya sauya kama, domin tara ta zama baki biyu: tsohon bashi yana cin 426, sabo yana cin 600, jimilla 1,026 duk wayewar gari. A ranar da kasuwa ta yi kyau, bayan na cire kuɗin zare da man janareta da na yara, abin da ke rage mini bai fi dubu huɗu ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na guminmu ke nan yana tafiya a tara, bashin kansa ko motsi bai yi ba.

Yau 19 ga Yuni, kwana 45 da ranar da na fara makara. Ɗazu na kira ɗan yayata da ke karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Ahmadu Bello, muka baje takardar da rasit a kan teburin yanka, ya ɗauko kalkuleta. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne, daga layi ɗaya na yarjejeniyar nan mun fitar da amsa uku, kuma kowace tana da hujjarta.

Idan aka bi fahimtata, cewa kuɗin da na kai ya tafi kan uwar kuɗi, ana bi na 90,000 na watanni biyu da tarar 28,200, jimilla 118,200. Idan aka bi maganar yarinyar ofis, uwar kuɗi 102,600 ce, tarar da ta taru tun daga 26 ga Mayu kuma 18,624, jimilla 121,224. Amma saƙon da kamfanin ya turo mini a waya yau da safe cewa ya yi 124,765.

Mun daɗe muna neman inda wannan adadi na uku ya fito. Yaron nan ne ya ce in buɗe saƙonnin kwanakin baya mu jera su. Na ranar 17 ya ce 122,307, na ranar 18 ya ce 123,530, na yau 124,765. Ya ce Kawu dubi tazarar: jiya an ƙara 1,223, yau an ƙara 1,235. Da a ce a kan uwar kuɗi kaɗai ake ɗora tara, ƙarin kullum ba zai canja ba, 1,026 zai tsaya har ranar da zan biya wani abu ko wani watan ya faɗo. Tun da ƙarin yana girma alhali ba abin da ya sauya, to tarar jiya ce ake haɗawa da bashi, a cire kashi ɗaya na dukkansu yau. Wato tara tana haihuwar tara. Ya gwada haka tun daga 5 ga Mayu, rana bayan rana, ya cire 30,000 a rana ta 21, ya ƙara sabon wata a inda ya shigo, sai ga 124,765 cif.

Da na kira jami'insu na faɗa masa, ya ce ai takarda ta ce a kan abin da ake bin mutum, tarar jiya kuwa tana cikin abin da ake bi na. Na ce to a ina aka rubuta cewa tara za a fara cirewa, ko cewa za a riƙa ɗora tara a kan tara? Ya ce haka na'urarsu take lissafi. Mun karanta takardar nan sau uku, babu ɗaya daga cikin biyun a rubuce, kuma babu inda aka sa wa tarar iyaka.

Wani zai ce bambancin bai kai dubu bakwai ba, me zai sa in tayar da hankali. Yau ne bai kai ba. Tazarar buɗewa take yi kullum, ga 5 ga Yuli tana tafe da kuɗin wata na ƙarshe. Yaron ya nuna mini cewa kashi ɗaya a rana, ko ba a ɗora shi a kan kansa ba, kashi 365 ne a shekara, kuma a kwana 100 tarar za ta kamo uwar kuɗin. Ni ban musa na makara ba, laifina ne, kuma ban ce kada su karɓi komai ba. Amma mutumin da ya biya wata biyar ba fashi, ya zuba 450,000 a cikin 600,000, bai kamata a ce sai da kalkuleta da taimakon ɗan jami'a zai gane abin da ake bin sa ba. Yanzu har sun fara cewa za su zo su ɗauki injin, su kira kawuna, dattijon da ya haura saba'in.

Alhamdu lillahi an sallamo Hajiya, na koma shago, kuma na kwashi adashe, ina da 70,000 a hannu. Ga inda na tsaya. Idan na kai musu yadda na yi wancan karon, ba tare da an rubuta komai ba, za su cire daga 124,765, saura 54,765 ya ci gaba da hawa da kusan 550 a rana. Idan suka yarda kuɗin ya tafi kan uwar kuɗi ko da a lissafin yarinyar ofis ne, saura 32,600, tarar kullum ta dawo 326, tsohuwar tara kuma a ajiye ta gefe in biya a hankali. Idan kuma na riƙe kuɗin ina jiran a daidaita, kowace rana ta jira sama da 1,200 ce a kaina. Shin in fara biya sannan in yi jayayya, ko in ƙi sakin kuɗin sai sun rubuta mini a rasit inda kowace naira ta shiga? Ina tsoron kada biyan ya zama kamar na amince da lissafinsu.

Sannan ina so ka tambayar mini masana doka da ke zuwa shirinka: idan yarjejeniya ba ta fayyace ɗora tara a kan tara ba, kamfani yana da ikon yin hakan? Suna da hurumin ɗauke injin ba tare da zuwa kotu ba, bayan na biya kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa? Na ji ana maganar hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, shin irin wannan ƙorafi yana cikin aikinta, kuma me zan riƙe in je da shi ban da yarjejeniyar da rasit da saƙonnin waya?

Akwai kuma abin da ke hana ni barci fiye da kuɗin. Limamin unguwarmu ya ce mini ƙarin da ake ɗora wa mai bashi saboda jinkiri riba ne, ya karanto mini aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ya ce ko bankunan Musulunci da ke sa tarar makara ba sa cin kuɗin, sadaka ake yi da shi. To ni da na riga na sa hannu cikin rashin sani, mene ne matsayina idan na biya don in ceci injina da mutuncin kawuna?

Kuma Malam, ka ba ni shawara a kan kawun nawa: in je in same shi da kaina tun yanzu in faɗa masa komai, ko in bari sai na ga yadda zaman da nake nema da manajansu ranar Litinin zai kaya?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro,
Wani tela daga Ƙofar Doka, Zariya.